An ce ban yi kama da Bahaushe ba

Ɗan Gwarzo: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ya faru da ni a wurin aiki, na kasa fitar da shi daga raina. Muna cike wata takarda, na rubuta Bahaushe a gurbin ƙabila, sai abokin aikina ya leƙa ya ce in daina wasa, ni Bafulatani ne ko Buzu, wai ko makaho ya shafa hancina ya sani. Gaskiya ni fari ne, dogo, gashina kuma mai laushi. Da na koma gida na tambayi Baba, ya ce kakan kakanmu daga Azbin ya zo da ayarin gishiri, ya zauna, ya yi aure. Amma kaf gidanmu babu mai jin kalma ɗaya ta Buzanci, kuma ban taɓa jin an kira mu da wani suna ba sai Hausawa. To wai ni mene ne? Na yi ƙarya a takardar nan?

Sarkin Yaƙin Samari: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ba sai an ja zance ba, jini ba ya ƙarya. Kai Buzu ne mai jin Hausa. Ko icce ya shekara a ruwa ba ya zama kada.

Maman Ihsan: Ni a ganina ka duba takardar shaidar ƙaramar hukumarku kawai. Abin da aka rubuta a ciki shi ne kai. Mu haka muka yi da yara lokacin neman makaranta.

Lauyan Zaure: Hajiya, takardar nan ba ƙabila take nunawa ba, ƙaramar hukumar da uban mutum ya fito take nunawa. Bayarabe ɗan Ayagi da ke cikin birnin Kano da Bafulatanin Dambatta duk irin takarda ɗaya za a ba su. Kai ko ƙidayar 1991 da ta 2006 ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba. Hukuma ba za ta raba masa wannan gardama ba.

Maman Ihsan: To na fahimta. Na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Malam Na Madabo: Ɗan Gwarzo, ba ka yi ƙarya ba. Sarkin Yaƙi kuma, karin maganarka ta yi daɗi a kunne amma mutum ba icce ba ne. Bari in ba ku labarin mutanen da hanyarsu ta yi daidai da ta kakan wannan yaro, wato Agalawa.

Agalawa da 'yan'uwansu Tokarawa daga wajen Buzaye suka fito. Yawancinsu Bugaje ne, wato masu yi wa manyan Azbinawa hidima, suna kiwo, suna noma musu gero a kudancin hamada. Tun cikin ƙarni na 18 suka fara gangarowa, suka zazzauna a ƙasar Katsina, daga baya da kasuwa ta fi armashi a Kano bayan jihadi suka cika garuruwa irin su Madobi da Bebeji. Har unguwa gare su a cikin birni da sunansu. Abin da suka kama shi ne fataucin goro zuwa Gwanja. A ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗi da fatu da busasshiyar albasa, a bi madugu wata da watanni har Salaga, a sayo goro a dawo. Zuwa da dawowa kan ci kusan shekara.

To ku lura da abin da wannan sana'a take bukata. A kowane zango sai ka sauka gidan fatoma, shi zai ajiye maka kaya, ya nemo dillali, ya tsaya maka in za a ba ka bashi. Duk wannan da Hausa ake yinsa, kuma in rigima ta tashi gaban malami ake zuwa a yi hukunci da shari'ar Musulunci. Wanda yake son a amince masa da dukiya a tafiyar wata uku daga gida, dole ya yi magana irin ta mutanen ayari, ya yi salla tare da su, ya ci abin da suke ci, ya ba su 'ya ya auri tasu. Uba ya zo yana jin harshe biyu. Ɗansa ya tashi a ɗakin uwa mai yi masa magana da Hausa, yana tsintar Buzanci kaɗan a bakin tsofaffi. Jika kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ba ranar da aka tara mutane aka ce daga yau kun zama Hausawa. A hankali abin ya shige.

Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa yake. Da goro ya fara kafin gyaɗa. Sarkin Yaƙi, in an ce ka kawo misalin attajirin Bahaushe, wa za ka fara ambata? Ka taɓa jin wani ya tsaya ya ce a'a, Buzu ne mai jin Hausa?

Sarkin Yaƙin Samari: Allah gafarta Malam, wallahi ban san haka ba. Amma ai ka ce har yanzu ana ce musu Agalawa. Ke nan ba su narke ba.

Malam Na Madabo: Nan ne daɗin zancen yake. Hausa tana da kalma biyu da muke gwamutsawa: akwai abin da kake, akwai kuma asali. Agalawa sun riƙe asalinsu, da askarsu ta fuska, da yawan auratayya a tsakaninsu, domin yana musu amfani: in kana neman wanda zai ba ka jari ko ya riƙe maka kaya, ɗan dangi ya fi kusa. Amma asalin nan a cikin Hausanci yake zaune, kamar ɗaki a cikin gida. Haka Kambarin Barebari, su ma fataken goro ne da suka fito daga Barno. Haka mu mutanen Madabo da muke danganta kanmu da Wangarawa, malaman da suka zo daga ƙasar Mali. Ka zaga birnin Kano ka karanta sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa, wanda Larabawa ake nufi tun kafin a san Nasara. Kowace unguwa tana gaya maka daga inda kakanni suka zo. Ka shiga ciki ka ji da wane harshe uwa take yi wa ɗanta faɗa.

Bagobirin Tibiri: Salamu alaikum daga Maraɗi. Malam ya yi magana, amma ni ina da ja kaɗan. Mu Gobirawa ai a huska aka sanin mu. Tsagar da ag ga kuncina, shidda gefe guda bakwai gefe guda, ko Makka na tai wani Bagobiri na gani na ya san nashi na. To ta yaya za a ce kama ba ta da aiki?

Malam Na Madabo: Madalla da Bagobiri. To in tambaye ka, da tsagar aka haife ka?

Bagobirin Tibiri: A'a Malam, wanzami ya yi man ita ina jinjiri.

Malam Na Madabo: To ka ba da amsa da bakinka. Da a ce halittar fuska tana rarrabe Bagobiri da Bakatsine da Bazamfare, me zai sa a ɗauko aska a tsaga kuncin jariri? Saboda ba ta rarrabewa ne. A zamanin yaƙi da kamun bayi ana bukatar alamar da za a gane yaro in ya ɓace, halitta kuwa ba ta bayar ba, sai mutane suka rubuta da hannunsu. Tsaga rubutu ce. Dangi suka yanke shawara cewa wannan namu ne, sannan aka sa alamar. Kuma bawan da aka haifa a gida sau da yawa askar gidan ake yi masa. Yau da yawancin mutane suka bar yi wa yara, 'ya'yanka sun daina zama Gobirawa?

Bagobirin Tibiri: Ɗiyana ba wanda anka yi ma, kuma in ka ce musu ba Gobirawa ba ne sai an raba ku. Na karɓa rabi. Amma in akwai Bayarabe cikin zauren ga ya hito ya gaida ubangidanshi.

Alhaji Sabo Ibadan: Ga ni, ko da yake ni ba Bayarabe ba ne, a cikinsu dai aka haife ni, kuma na ji ana cewa ku ne bayin. Wasa gefe, ina so in ƙara a kan zancen Malam. Unguwarmu ta Sabo tun 1916 aka kafa ta, shanu da goro suka riƙe ta. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a cikinmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta abin da mutanen Sabo suke dubawa kafin su karɓi baƙo a matsayin Bahaushe. Abu huɗu ne: Hausa ta zama harshensa na fari, ya iya faɗin garinsu a ƙasar Hausa, ya zama Musulmi, kuma kada a ga askar wata ƙabila a fuskarsa. Ba fari ba baƙi a ciki, ba tsawon hanci. Ni na ga haka da idona a gidan mahaifina, wanda maigidan fatake ne. Baƙo zai sauko daga mota, a tambaye shi daga ina, wace unguwa, wa ka sani. Kafin ya gama shan ruwa an gane ko namu ne. Dalili kuwa kuɗi ne: shanu ake bayarwa bashi ga mahauta, goro ake turawa arewa kafin a ga ko sisi, to dole a san wanda in ya ci amana akwai inda za a kama shi.

'Yar Malumfashi: Alhaji, da girmanka, sharaɗi na uku ya taɓa ni. Ni Kirista ce. Kakannina Maguzawa ne, ba mu da wani harshe sai Hausa, ba mu zo daga ko'ina ba, ba Azbin ba Barno ba Mali. Sunayen kakannina irin su Tanko da Nomau da Dela ne. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa da Hausa yake, tun 1932 aka buga shi cikakke. Amma in na je Kaduna na faɗi sunana na baftisma na ce ni Bahaushiya ce, sai a yi dariya a ce in faɗi gaskiya, daga kudancin Kaduna nake. Wato jikan Buzu ya zama Bahaushe a zuriya uku, ni da kakana ya sare dajin wurin sai na kawo shaida?

Alhaji Sabo Ibadan: 'Yata, ban ce daidai ne ba, na faɗi yadda Sabo ta yi ne. A Ibadan muna tsakiyar wasu mutane, ga su da yawa Musulmi ne kamar mu, har sai da mutanenmu suka ware masallacin Juma'arsu. Iyakar da aka ja a can ta kasuwa ce.

Sarkin Yaƙin Samari: Ai ni a wurina Maguzawa su ne Hausawan asali ma. Sauran duk haɗe-haɗe ne.

'Yar Malumfashi: Na gode ƙanena, amma wannan ma ba ta yi mini ba. Ba na son a mai da mu kayan tarihi. Kuma mu ma a cikinmu akwai fari akwai baƙi, kakata ta wajen uwa in ka gan ta sai ka rantse daga ruga ta fito.

Malam Na Madabo: Hajiya, ko in ce Malama, kin taɓo wurin da ba a gama da shi ba, kuma ba zan yi kamar an gama ba. Sunan Maguzawa kansa daga Majusawa aka samo shi, malamai suka ba su don a sa su cikin waɗanda za a karɓi jizya a hannunsu a bar su da addininsu. Ke nan tun farko da addini aka ja layin, harshe ɗaya, kama ɗaya, gari ɗaya. Kuma a da in Bamaguje ya musulunta sai ka ji an ce ya zama Bahaushe, alhali ko gashin girarsa bai sauya ba. A Nijar ana ce wa irinsu Azna ko Arna, Bagobiri ya fi ni sani.

Akwai misalin da ya fi wannan nisa. Gwandara, da ke Nasarawa da kewayen Abuja, labarin da suke bayarwa shi ne daga Kano kakanninsu suka fito saboda sun ƙi barin addinin gargajiya, har ake cewa sunan daga "gwanda rawa da salla" ya samo. Ko labarin sunan ya inganta ko ƙirƙira ce, harshensu shi ne mafi kusa da Hausa a duk harsuna. Yau ƙabila ce mai zaman kanta, kuma da yawansu Musulmi ne. Addini ya raba, tarihi ya riƙe rabuwar bayan dalilin ya gushe. To ni ra'ayina, Malama Bahaushiya ce ba tare da wani sharaɗi ba. Amma na san in na faɗi haka a wasu majalisu za a yi mini ca.

Ustazun Layi: Ni ina cikin masu yin can, Malam, cikin ladabi. Al'adar Bahaushe ta yau, daga suna zuwa aure zuwa rabon gado zuwa jana'iza, Musulunci ne ya gina ta. In ka cire shi me ya rage?

'Yar Malumfashi: Harshen ya rage. Kunya ta rage, ɗan fari da ba a kiran sunansa ya rage, gayya da lefe da tuwon dawa sun rage. Ka zo bikinmu ka gani ko za ka ji baƙunta.

Ustazun Layi: Zan yarda ke Bahaushiya ce ta harshe da asali. Ta al'ada ce nake da ja.

Lauyan Zaure: Kun ga dai duk wannan jayayya ba wanda ya nemi a turo hoton kowa.

Bappa Jalingo: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki tunda an fara da cewa yaron nan kamar Bafulatani yake. Mu namu ya bi ta wata hanya dabam. Sarakunan Kano tun daga Ibrahim Dabo a 1819 Sulluɓawa ne. Ka je ka nemi masu jin Fulatanci a manyan gidajen Fulanin birni, Yolawa da Dambazawa da Joɓawa, za ka sha wuya. Harshe ya tafi, kama ma ta gauraye saboda shekara ɗari biyu ana auratayya. Amma ka tambaye su, Fulani ne. Me ya riƙe su? Salsala da tarihin jihadin 1804, da sarautun da kowane gida ya gada. Su kuma namu na daji suna kallonsu su yi murmushi, don a wurinsu wanda ba ya jin Fulfulde, ba shi da nagge, ya kusa zama Kaɗo. To ga mutum ɗaya, Bahaushe na ce masa Bafulatani, Bafulatanin daji na ce masa Kaɗo. Ni nan Taraba akwai waɗanda kakanninsu ba Fulani ba ne sam, sun musulunta, sun ɗauki Fulfulde, yau jikokinsu Fulɓe suke kiran kansu, baƙaƙe wuluk.

Sarkin Yaƙin Samari: Yawwa Bappa, ka kawo mu. Shi ya sa muke cewa a daina haɗa mu a ce Hausa-Fulani. Kowa ya tsaya a nasa. In mutum ya ce shi Bafulatani ne ranar naɗin sarauta, kada ya dawo ya ce shi Bahaushe ne ranar zaɓe.

Bappa Jalingo: Ɗana, ni ma ban cika son kalmar ba, don ta haɗiye mu masu harshen. Amma in za a raba, da wace wuƙa? Uwarka Bafulatana ubanka Bahaushe, ko akasin haka, gida nawa ne a Katsina da Zariya ba haka suke ba? Nana Asma'u 'yar Shehu da Fulatanci da Hausa da Larabci ta yi waƙoƙinta.

Sarkin Yaƙin Samari: Uba ake bi. Shi ke nan.

Ɗan Gwarzo: In uba ake bi har ƙarshe, ni Buzu ne, Dantata ma haka. Ka dawo da mu farko ke nan.

Sarkin Yaƙin Samari: To ai ni ban ce abin ba shi da wuya ba.

Hajiyar Nima: Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Ina so in ja wa masu cewa harshe kaɗai ya isa birki. A zangonmu kowa Hausa yake ji: Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Wangara. Akwai yaran da ba su iya komai ba sai Hausa da Turanci. Mutanen kudu in sun gan mu duk Hausawa suke ce mana, ko su ce 'yan zango. Amma a cikin zango kowa ya san nasa, kowace ƙabila da sarkinta, ranar suna ko rasuwa za ka gani. Mijina Bazabarme ne, Hausarsa ta fi tawa, ka ce masa Bahaushe ka ga yadda zai gyara maka. Kuma da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969, ba a tambayi wane harshe kake ji ba, takarda aka tambaya. Kakana a Kumasi aka haife shi, duk da haka sai da ya kwashe iyali suka yi shekaru a Sakkwato, inda aka riƙa ce musu 'yan Gana.

Malam Na Madabo: Hajiya ta gyara mini, kuma gyaran yana da kyau. Bambancin Kano da Nima shi ne, a Kano baƙo yana shigowa cikin teku ne, ga sarauta ga kasuwa ga malamai duk na masu Hausa, ribarsa tana cikin narkewa. A zango kuwa kowa baƙo ne, Hausa ta zama harshen haɗuwa, amma wanda zai tsaya maka a gaban hukuma ko ya kai gawarka makwanci sarkin ƙabilarku ne, to me zai sa ka sake shi? Harshe ƙofa ce. Sai ka so shiga, sai kuma na ciki sun ce bismilla.

Ɗan Mai Wurno: Daga Sudan nake, ku yi haƙuri da Hausata. Kakanninmu sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Mai Wurno ya kawo jama'a suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau sunansa yake ɗauke da shi. A cikin masu hijira akwai Fulani, akwai Hausawa, akwai Barebari. A nan sau da yawa suna ɗaya ake kiranmu duka, Fallata. Abin da kuke jayayya a kansa, Hausa ko Fulani, mutumin Khartum bai ma san da shi ba. Matasanmu da yawa Larabci ya fi musu sauƙi. Kama kuwa, in na tsaya da mutumin Funj ko Berta ba za ka ware ni ba. Amma da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a 2022 kan maganar sarauta da ƙasa, kowa ya san gidan wa zai nufa. Maƙwabci ya san tarihin maƙwabcinsa, ba ya bukatar duba fuska.

Maman Ihsan: Innalillahi. Allah ya kyauta. To ni tambayata, gwajin jinin nan da ake yi a turai, a tofa yawu a kwalba a aika, ba zai warware wa Ɗan Gwarzo ba?

Likitan Dabbobi: Hajiya, zai gaya masa abin da Babansa ya riga ya gaya masa kyauta, cewa wani kakansa daga arewa yake. Ku yi lissafi: iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Mutumin Azbin ɗin nan ɗaya ne cikin 16. Sauran 15 fa? Ba mamaki ma farin da hancin ba daga shi suka zo ba, daga wata kaka ce da ba wanda ya riƙe sunanta, tunda mu ta wajen maza muke ƙirga salsala. Gwaji yana auna wanda ya haifi wa. Ba ya auna harshen da aka yi maka tawai da shi.

Amma ina da ƙorafi a kan zauren nan. Kuna magana kamar kama ba ta da wani tasiri. Ni aikina a kasuwannin shanu yake. Na ga an sauke mutum daga mota a shingen 'yan sa-kai saboda fari ne siriri, aka ce ɗan daji ne, alhali Bahaushe ne mai sayar da magani, ko "jam" bai iya ba. Da ƙyar direba da fasinjoji suka karɓe shi.

Malam Na Madabo: Likita, ban musa ba. Kama tana da tasiri, sai dai tasirin zato ne, kuma labarinka ya nuna yadda zaton yake kuskure. Ruwanda ce ta fi kowa shan wannan. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, coci ɗaya, tudu ɗaya suke zaune. Turawan Beljiyam suka zo da ra'ayin cewa Tutsi dogaye ne masu siririn hanci, har da auna hancin mutane, sannan a farkon shekarun 1930 suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida. A 1994, a shingayen kisa, katin ake tambaya, domin ido ba ya iya rarrabewa da tabbas. Inda babu kati aka koma ga ido, an kashe Hutu dogaye da yawa a kan kuskure.

Bappa Jalingo: Wannan na shingen ya faru da ɗan ƙanena, sai dai shi Bafulatanin ne da gaske, malamin firamare. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Ustazun Layi: Allah ya sawwaƙe. A nan dai ba mu da saɓani.

Ɗan Gwarzo: Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Jiya da daddare na koma wurin Baba da tambayar Likita, na ce su wane ne sauran goma sha biyar ɗin. Ya ƙirga mini shida ya tsaya. Ɗaya Barebari ce daga Gumel, ɗaya Bafulatana, ɗaya kuma ya yi shiru ya ce 'yar Maguzawa ce daga wajen Ƙaraye, ba a cika faɗa ba. Ya ce farin ma daga ita ne.

'Yar Malumfashi: To sannu ɗan'uwa. Ka gaishe da Baba, ka ce masa dangi na nan in ana neman su.

Sarkin Yaƙin Samari: Ni dai har yanzu ina nan kan uba ake bi. Amma Malam, ina da tambaya: mu a gidanmu ana yi mana kirari da Barno, kuma kakata tana da zane-zane tsaye a kumatu. Kada dai ku ce mini...

Bappa Jalingo: Alhamdu lillahi, ashe bawana ne ke ta hayaniya tun jiya. Kawo goron ubangidanka tukuna, sannan Malam ya duba maka.